Yadda muka raɗa wa manhajarmu ta ajiyar kuɗi suna

Manhajar da muka gina ba ta da wata sarƙaƙiya. Mutum zai buɗe asusu a wayarsa, ya riƙa tura ɗan abin da ya samu, ya faɗi ranar da yake son cirewa. Kuɗin ba a hannunmu suke kwana ba, suna wani banki mai lasisi da muka ƙulla yarjejeniya da shi. Namu shi ne allon da mutum yake gani da lissafin da ke bayansa. Injiniyoyi sun kusa kammala aiki, amma har lokacin babu suna, sai wani laƙabi na wucin gadi da muke kiranta da shi a ofis. Ni aka ɗora wa nemo sunan, tunda ni nake kula da duk rubutun da mai amfani da manhajar zai karanta.

Umarnin da aka ba ni gajere ne: a samo sunan da mutum zai ji, hankalinsa ya kwanta. Don haka jerin farko da muka tara duk kalmomin kwantar da hankali ne da na kwaɗaitarwa: Amana, Aminci, Garkuwa, Makulli, Ninki, har da wani mai ɗauke da kalmar banki a ƙarshensa. Kafin kowa ya fara son wani a cikinsu na kai wa lauyarmu jerin, kuma ina ba duk mai irin wannan aiki shawara ya yi haka, domin raba mutum da sunan da ya riga ya shiga ransa aiki ne ja.

Barista ta fara da soke mai kalmar banki. A ƙasashe da yawa doka ta keɓe wannan kalma ga wanda hukumar kula da bankuna ta ba lasisin banki, mu kuwa ba mu da shi, abokin hulɗarmu ne yake da shi. Na ce mata, "Barista, ai kuɗin a banki suke." Ta ce, "Malam, kuɗin ne suke banki, ba ku ne bankin ba. Ranar da aka samu matsala, wa mai kuɗi zai ɗauka yana bi bashi?" Daga nan ta wuce kan Ninki, ta ce duk sunan da ya yi alkawarin riba ya zama talla, kuma za a iya tambayarmu a kan alkawarin. Mu ba ma ninka wa kowa kuɗi, to me ya kai mu?

Sai Amana da Aminci. Su ba doka ce ta hana su ba, yawa ne ya kashe su. A nan na koyi yadda rajistar tambari take aiki. Akwai tsarin da ƙasashe da dama suke bi, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar birnin Nice na Faransa a 1957, ya kasa kayayyaki da ayyuka aji 45. Uku ne suka shafe mu: aji na 9, inda manhajar da ake saukewa a waya take, aji na 36 na harkokin kuɗi, da aji na 42 na ayyukan manhaja da ake gudanarwa ta intanet. A kowane aji sai an duba ko wani ya riga ka, kuma ba sunan da ya zo daidai da naka kaɗai ake dubawa ba, har wanda ya yi kama da shi a ido ko a kunne. Mun duba rajistar ƙasa, mun kuma leƙa rumbun tambura na WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, wanda kowa zai iya bincikawa kyauta. Abin da Barista ta nanata shi ne, kalmar da kowane mai harkar kuɗi yake yabon kansa da ita ba ta riƙuwa a hannun mutum ɗaya. Ko an yarda ka yi rajista, kariyar da za ka samu ba ta da ƙarfi, gobe wani zai fito da mai kama da shi ka rasa bakin magana. Ta kuma raba mana abubuwa biyu da mutane suke haɗawa: rajistar sunan kamfani daban, rajistar tambari daban, samun ɗaya ba ya ba ka ɗayan.

Waɗanda suka tsira muka fita da su wajen mutane. Ba mu tambayi kowa ko suna ya yi masa daɗi ba, don in ka tambayi haka kowa zai yi maka kara ya ce ya yi. Abin da muka yi shi ne buga hoton allon waya a takarda, tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya, suna kaɗai ke canzawa, sannan mu ce, "Me kake jin wannan manhaja take yi? Wa kake jin ya mallake ta? In ka zuba kuɗi yau, yaushe za ka iya cirewa?" Mun nemi mutanen da ba su san mu ba, kuma mun fi neman waɗanda suka taɓa yin asara a wani tsari na zuba kuɗi, domin su ne suka fi kowa lura.

Garkuwa ba ta kai ko'ina ba. Mu garkuwar kare kai muke nufi, amma kunnen mai sauraro garkuwa da mutane yake fara ji, kuma ba wanda zai so wannan kalma ta fito a wayarsa tare da maganar kuɗi. Makulli ya fi ba ni mamaki. Wata dattijuwa ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ɗan nan, makullin a hannun wa yake?" Na ce, "Hajiya, a hannunki." Ta ce, "To ai ba a rubuta ba." A nan na gane cewa tsoron mai ajiya kashi biyu ne. Akwai tsoron ɓarawo daga waje, akwai kuma tsoron wanda ka ba ajiyar ya hana ka ranar da kake buƙata, kuma na biyun ya fi nauyi. Duk sunan da ya jaddada kullewa, na farko yake magancewa, yana tayar da na biyu. Su kuma kalmomin yabon kai, waɗanda suka taɓa ƙonewa ba sa son su sam. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma 'yan damfara ba su taɓa rasa suna mai daɗi ba.

Muka koma muka sake lale. Wannan karon na duba sunayen da suka riga suka zauna a bakin jama'a. M-Pesa, wadda kamfanin Safaricom ya ƙaddamar a Kenya a 2007, ba ta ce wa kowa ita mai gaskiya ce ba. Harafin farko na nuni ga wayar hannu, sauran kuma kuɗi ne da Swahili, shi ke nan. Yardar ta zo ne daga kamfanin wayar da mutane suka riga suka sani, da wakilan da ake zuwa wajensu a karɓi kuɗi a hannu. PayPal ma, mai harkar biyan kuɗi ta intanet, ba da wannan suna kamfanin ya fara ba, X.com ne bayan haɗewarsa da Confinity a 2000, sai a 2001 ya ɗauki sunan manhajar da mutane suka fi sani. Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen: TransferWise ta rage sunanta zuwa Wise a 2021, bayan aikinta ya wuce tura kuɗi kawai. Wato in suna ya ɗaure ka a kan aiki ɗaya, wata rana sai ka sauya, sauya suna kuwa a harkar kuɗi ba ƙaramin abu ba ne, domin saƙon da ke cewa mun canza suna, ga sabon wurin shiga, shi ne ainihin irin saƙon da ake gargaɗin mutane su guje masa.

Jeri na biyu ya zama na abubuwan da ake ajiya a ciki da kalmomi masu sauƙi: Ma'aji, Adana, Rumbu, Lalita, Ƙwarya, da wasu sunayen itatuwa da wani abokin aikina ya cusa, muna yi masa dariya. A wannan mataki ne aikin ya tashi daga maganar ma'ana ya koma maganar haruffa, kuma a nan na fi daɗewa.

Wani injiniyanmu ne ya zana min wuraren da suna zai fito. Shagunan manhaja biyu, Google Play da App Store, kowanne yana ba da gurbin haruffa 30, wannan yalwa ce. Ƙarƙashin tambari a allon waya gurbin ya fi ƙanƙanta, dogon suna a yanke yake fitowa da ɗigo-ɗigo. Wurin da ya fi ƙunci shi ne kan saƙon tes, inda sunan mai aikowa yake fitowa a maimakon lambar waya. A nan haruffa 11 ne iyaka, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma haruffan boko na A zuwa Z da lambobi ake karɓa. Wannan wuri kuwa shi ne mafi muhimmanci, domin ta nan lambar sirri ta shiga take zuwa, ta nan kuma mutum yake ganin kuɗinsa sun shiga ko sun fita. In sunanka ya wuce 11, dole ka gajarta, daga ranar kuma kana da suna biyu, kuma kai da kanka ka koya wa mutanenka cewa saƙo yana iya zuwa da sunan da bai yi daidai da na manhaja ba. Ɗan damfara ba ya buƙatar abin da ya wuce wannan.

Da wannan ma'auni Ƙwarya ta faɗi. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa shiga gurbin mai aiko saƙo, a adireshin intanet kuma in an sa su, wasu manhajojin buɗe shafukan intanet suna mayar da adireshin wani rubutu mai farawa da xn-- wanda duk mai hankali zai tsorata da shi. Za ka iya rubuta Ƙ a tambari ka rubuta K a saƙo, amma ka koma gidan jiya na suna biyu. Ma'aji ya faɗi saboda alamar da ke tsakiyarsa ba ta shiga adireshi: wani zai rubuta maaji, wani maji, wani ma-aji, kowanne kuma ƙofa ce da wani zai iya saye ya zauna. Adana ta tsallake duk wannan, amma da muka rubuta ta a wurin bincike sai wani birni na kudancin Turkiyya mai wannan suna ya cika allo. Mutumin da ya ji sunanka ya je nema bai same ka a sama ba, abin da ya fara gani mai kama da kai shi zai danna.

Saura Rumbu da Lalita da itatuwan nan. Muka yi musu gwajin kunne. Ka kira mutum a waya, ka faɗi sunan sau ɗaya ba tare da ka jero haruffa ba, ka ce ya rubuto maka. Rumbu ya dawo mana iri biyu, wasu da m wasu da n, kuma kowa yana ganin nasa ne daidai. Lalita kuwa ta dawo yadda ta tafi. Mutane sun san ta, sun fahimci wurin ajiyar kuɗi ce, ba ta yi alkawarin komai ba, haruffa shida, tana da daɗin faɗi. Shugabanmu ya ƙwallafa rai a kanta, ni ma haka, har mai zane ya fara gwada tambari.

Gwajin ƙarshe shi ne mu zama ɓarayin kanmu. Muka ce wa injiniyoyi biyu su ƙirƙiro jabun kowane suna ta hanyar musanya harafi ɗaya, su haɗa su da na gaske a ƙaramin rubutu irin na waya, a ba mutane su ware. Ga abin da suka kawo:

```
Lalita    LaIita
Rumbu     Rurnbu
```

A layin farko, harafi na uku a suna na biyu babban I ne, ba ƙaramin l ba. A irin rubutun da yawancin wayoyi suke amfani da shi, sanda ce tsaye a duka biyun. A layi na biyu an haɗa r da n sun ba da siffar m. Na Rumbu in ka ƙura ido za ka kama. Na Lalita kuwa ni da na san da tarkon sai da na ƙara girman rubutu. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun a shekarar 2000 aka yi wa PayPal ita, aka buɗe shafin bogi da babban I a gurbin harafin ƙarshe.

An yi musu sosai a kan wannan. Shugaba ya ce, "To ai PayPal ɗin tana nan ba ta mutu ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, farautar shafukan bogi da sa a rufe su. Mu wa zai yi mana?" Wani ya kawo shawarar a riƙa rubuta sunan da manyan haruffa ko'ina, LALITA, tunda babban L ba ya rikicewa da I. Shawarar tana da ma'ana a kan saƙon tes da tambari, amma ba ta aiki a adireshi, domin adireshin intanet bai damu da babba ko ƙaramin harafi ba, kuma ɗan damfara shi yake zaɓar yadda zai rubuta nasa a saƙon da zai turo. Muna iya sayen adireshin jabun mu ajiye, kuma mun lissafa hakan, sai dai kowane adireshi yana da ƙarshe iri-iri, ba ka gama sayensu. Ra'ayina har yanzu shi ne, harafin l a suna ba laifi ne da ba a yafewa ba. Da manhajar wasa ce ko ta karatu, da Lalita muka ɗauka. Amma ga ƙaramin kamfani da zai riƙa aika wa mutane lambar sirri, ban ga dalilin shiga da raunin da muka gani da idonmu ba.

Haka muka ƙare a kan ɗaya daga cikin itatuwan da muka yi wa dariya. Ba zan rubuta sunan ba don kada abin ya zama talla, amma ga siffarsa: haruffa shida, gaɓa uku, babu l, babu i, babu m, babu harafi mai lanƙwasa. Wanda ya ji shi a waya yana rubuta shi daidai. Barista ta fi kowa murna, domin sunan da ba shi da alaƙa da kuɗi shi ya fi samun kariya a aji na 36. Aibinsa ɗaya, kuma babba ne: ba ya gaya wa kowa abin da manhajar take yi. A gwajin takarda an ce mana ta noma ce, an ce ta magani ce. Maganin wannan shi ne sauran gurbin nan na haruffa 30 a shagon manhaja, inda muka sa sunan, muka bi shi da kalmomi biyu, ajiyar kuɗi. Da muka sake gwadawa da wannan ƙari, ruɗanin ya kau.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran aiki, kuma shi ne wanda ba a cika yin maganarsa ba. Na ɗauki waya sabuwa na bi hanyar da baƙo zai bi, ina rubuta kowane suna da na ci karo da shi. A shagon manhaja, ƙarƙashin sunanmu, sunan wanda ya ɗora manhajar ya fito, kuma na injiniyanmu ne, domin da asusunsa aka yi gwaji. Wannan dole ya canza ko da ba don kwanciyar hankalin kowa ba, tunda ƙa'idar Apple, kamfanin da ke da App Store, ta ce manhajar harkar kuɗi kamfanin da ke yin aikin ne zai gabatar da ita, ba mutum ɗaya ba. Lambar sirri ta iso da sunan kamfanin da ke aika mana saƙonni. Da na tura kuɗi, bayanin da ya fito a asusuna na banki ya nuna sunan kamfanin da ke karɓar mana biya. Takardar sharuɗɗa kuma tana ɗauke da sunan kamfaninmu na rajista, wanda ba ya kama da sunan manhajar ko kaɗan. Mutum bai gama ajiyar farko ba ya ga sunaye biyar. In mai bincike ne ya je jerin masu lasisi na hukuma ya nemi sunan manhajar, ba zai gan shi ba, domin lasisin na bankin ne.

Gyaran ya ɗauki lokaci fiye da zaɓen sunan. Muka sauya sunan kamfani a rajista ya fara da kalmar da manhajar take ɗauke da ita, muka buɗe asusun kamfani a shagunan biyu. Muka nemi mai karɓar mana biya ya sa sunanmu a farkon bayanin da ke fita, tunda ƙarshensa ne yake yankewa. Abin da ba za mu iya haɗewa ba shi ne sunan bankin, don haka muka fito da shi fili. A allon farko, kafin a nemi lambar wayar mutum, akwai layi ɗaya da ke cewa mu ba banki ba ne, kuɗinka suna ajiye a banki kaza, kuma shi za ka nema a jerin hukuma. Masu talla sun so a mayar da layin can ƙasa cikin ƙananan rubutu, wai zai tsorata mutane. Muka kai takardun biyu wajen irin mutanen da muka fara tambaya, kuma waɗanda suka taɓa asara sun fi sakin jiki da wadda ta faɗi maganar a sama.

Rajistar sunan mai aiko saƙo ita ta zo ƙarshe. Kamfanonin waya sun nemi takardun kamfani da samfurin saƙonnin da za mu riƙa turawa, kuma ba rana ɗaya suka amince ba. Akwai layin da ya yi jinkiri har ranar da muka sa ta ƙaddamarwa ta zo. Aka ce mu fara haka nan, masu wannan layi su riƙa samun lambar sirri da sunan wucin gadi na ɗan lokaci. Muka ƙi, muka ɗaga ranar har sai da na gwada kowane layi da hannuna na ga haruffa shidan nan sun fito a kan saƙo daidai yadda suke a ƙarƙashin tambari.